Kwali na cewa wat 600, Hajiya na tambayar ƙosai

A shagonmu na kayan kicin da ke nan cikin Katsina, bilenda tana cikin kayan da suka fi fita, musamman gab da azumi da lokacin da bukukuwa suka yi yawa. Tana kuma cikin waɗanda aka fi dawowa da su da ƙorafi. Sau tari kayan lafiya lau suke, a wurin bayani aka samu matsala. Yaron shago ya ɗauko kwali ya karanto wa mai saye abin da ke jiki: wat 600, kofin gilashi lita 1.5, wuƙa bakin ƙarfe marar tsatsa, gudu biyu. Hajiya ta gyaɗa kai, ta biya, ta tafi ba tare da ta ji amsar abin da ya kawo ta ba, wato ko wannan abin zai markaɗa mata waken ƙosai.

Abin da ke jikin kwali siffar kaya ce, masana'anta ta rubuta. Amfani kuwa sai a kicin ɗin mai saye ake ganinsa, kuma aikin mai shago ne ya kai magana can. Yadda muke koya wa yaranmu shi ne, kowace siffa ka karanta, ka tambayi kanka “to sai me?” Ka ba da amsa, ka sake tambaya. Kada ka tsaya sai amsar ta ambaci wani abinci, ko wani kuɗi, ko wata wahala da mai sayen ya sani da kansa.

Amma kafin nan akwai tambayoyi biyu da ba a tsallakewa: me za a riƙa markaɗawa, kuma da wace wuta? Wanda bai yi su ba, duk daɗin bakinsa, harbi yake cikin duhu.

Mu ɗauki wat 600 ɗin, tunda nan ne ake yawan tafka kuskure. Wat ma'aunin wutar da motar bilenda ke ja ne. To sai me? Mota mai wat 600 ta fi mai 300 ƙarfin juya wuƙa cikin abu mai kauri. To sai me? Jiƙaƙƙen wake zai yi laushi ba tare da an cika masa ruwa ba. To sai me? Ƙullu zai fito da kaurinsa, ƙosai ya tashi a cikin mai, bai baje ba, bai sha mai ba. A nan za ka tsaya, don duk macen da ta taɓa suya ta san takaicin ƙullun da ya tsinke. Sai ka ce, “Hajiya, wannan za ta markaɗa miki wake gwangwani biyu a zubi ɗaya da ruwa kaɗan, ba sai kin aiki yaro wurin inji da sassafe ba.” Ba ka ambaci wat ba ko sau ɗaya, kuma ta ji abin da take son ji.

Wannan lambar tana da wata fuska ga mai janareto. Ƙaramin janareton nan da ake cewa “na fi maƙwabcina” abin da yake iya ɗauka a zahiri bai wuce wat 650 da ɗan wani abu ba, kuma motar bilenda tana fizgar wuta fiye da lambarta a daidai lokacin tashi. Ke nan mai wat 600 tana bakin iyakarsa, sai an kashe fanka da talabijin, wani lokacin ma duk da haka ya shaƙe. Mai wat 1000 kuwa ba a ma fara ba. Ga irin wannan gida, ƙaramar mai wat 350 ce ke da amfani: “Alhaji, ko an ɗauke wuta, ƙaramin janaretonka zai tashe ta a yi markaɗen miya.” Siffar da ake ɗauka rauni ce ta zama abin sayarwa, saboda an tambayi wuta tun farko.

A nan ne kayan jabu ke ɓata mana kasuwa. Za ka ga kwali an zana masa 8000W da manyan lambobi, farashinsa bai kai rabin na mai kyau ba, mai saye ya zo yana cewa, “Ga mai dubu takwas can da araha, kai kana tsuga mini kuɗi kan mai ɗari shida.” Lissafin a fili yake. Wutar gida a Najeriya bolt 230 ce, fis ɗin filogin nan mai baki uku kuma amp 13 ne iyakarsa. In ka ninka su, wat 2,990 za ka samu. Duk abin da ya ja wat 8000 ta wannan filogi, fis ya ƙone nan take. Lambar ado ce kawai. Ka ɗaga gindin bilendar ka ji nauyinta: mota mai naɗin jan ƙarfe tana da nauyi, mai naɗin alminiyom sakayau take, kuma ita ce ke saurin zafi ta fara ƙauri. Muna ajiye guda biyu a kan kanta don mai ciniki ya ɗaga da hannunsa, ya fi dogon musu.

Kofin gilashi kuma, siffa ɗaya ce amma amfaninta ya danganta da wanda ke gabanka. Gilashi ba ya riƙe wari ba ya rinewa. To sai me? An markaɗa attaruhu da albasa da safe, an wanke, da yamma an dama fura da nono a ciki, kuma furar ba ta ɗauko yaji ba. Ga maigidan da ke shan fura kullum bayan la'asar, wannan magana ta ishe shi. Ga uwar amarya da ta zo sayen kayan jere, abin da za ka faɗa daban ne: bayan shekara kofin yana nan garau, bai yi jan nan na tumatir da roba ke yi ba, ba a jin kunyar barin sa a kan kanta in baƙi sun shigo. Amma in gida ne mai yara da yawa kuma su ke wanke-wanke, faɗi gaskiya: gilashi na da nauyi, in ya faɗi a siminti shi ke nan, kuma in aka zuba masa tafasasshen ruwa yana da sanyi zai iya tsagewa. Irin wannan gida kofin roba mai kauri ya fi musu.

Lita 1.5 ba ta nufin komai a kunnen mai saye sai ka mayar da ita ma'aunin kicin. Kayan miyar tukunya ɗaya ta matsakaicin gida za su shiga a zubi ɗaya. Wake kuwa yana kumbura kusan ninki biyu in ya jiƙu, shi ya sa muke cewa gwangwanin madara biyu, ba a cika kofi har baki. Mai rabin tiya za ta yi zubi huɗu ko fiye.

Wannan ya kawo mu kan iyaka, wadda masu talla ke ɓoyewa. Bilendar gida ba a barin ta tana gudu. Takardar yawancinsu tana cewa minti ɗaya zuwa biyu, sai a huta. Matar da ke sana'ar ƙosai ko awara, tana markaɗa tiya biyu kullum, in ka sayar mata da mai wat 600 ka ce za ta raba ta da mai inji, ka yi mata ƙarya. Motar za ta yi zafi, haƙoran robar da ke haɗa kofi da mota su cinye, sai a ji mota na kuka wuƙa ba ta juyawa. Ita babbar nan ta 'yan kasuwa mai kofi lita 2 da sandar turawa ta dace da ita, ko kuwa ta ci gaba da zuwa inji. Gara ta fita ba ta saya ba da ta dawo bayan sati uku da ƙonanniyar mota, ta kuma ba dukan unguwa labari.

Sauran siffofin ba sa buƙatar dogon zance. Maɓallin da aka rubuta wa `P` yana juyawa ne muddin kana danne da shi, ka saki ya tsaya; amfaninsa jajjage, ga mai son miyarta da ɗan gari-gari ba ta koma ruwa ba. Ɗan ƙaramin kofin niƙan busasshe shi ne na citta da kanumfari da masoro, kuma amfaninsa biyu: an huta da turmi, sannan busasshiyar citta ba ta karce babban kofi ba, sai dai a farfasa ta tukuna. Wuƙa marar tsatsa kuwa, kada ka ɓata bakinka a kanta, kowace bilenda haka take cewa.

Akwai siffa ɗaya da ba kasafai ake kula da ita ba alhali ta fi matakan gudu biyar da ake ta kururutawa amfani: makarin zafi. Wasu bilendojin in mota ta yi zafi sai su kashe kansu, wasu ma da ɗan maɓalli a ƙasa da ake dannawa bayan sun huce. Fassararsa ga mai saye ita ce, ranar da 'yar aiki ta cika kofi da aya ba ta jiƙu ba, bilenda za ta tsaya ne kawai, a bar ta kamar kwata ɗin awa ta dawo aiki, ba a tafi wurin mai gyara ba. Wajibi ne ka faɗi wannan tun a shago, in ba haka ba ranar da ta kashe kanta za a kawo maka ita a ce ta lalace.

Abin da kwali ba ya faɗa sam shi ne kayan gyara. Robar ƙarƙashin wuƙa tana saki a fara ɗiga, haƙoran roba suna cinyewa, kofi yana fashewa. Dilolin da ke turo kaya ba su damu ba, su sauke maka samfuri yau, bayan wata shida ka nemi kofinsa a ce an daina kawowa. Shi ya sa ba ma ɗaukar samfurin da ba a haɗo mana da robobinsa da kofunan canji ba, ko da ribarsa ta fi. Wannan ma amfani ne, kuma muna faɗin sa: in kofi ya fashe, kofi kaɗai za a saya.

In aka tashi rubuta talla a waya, tsarin ɗaya ne. Maimakon jero lambobi shida, a zaɓi mai saye ɗaya da amfani biyu, a sa iyakar a ciki, lambar ta zo daga ƙarshe don mai son tabbatarwa. Ga yadda muka rubuta na azumi:

“Uwargida, markaɗen ƙosan buɗa-baki a gida, gwangwani biyu a zubi ɗaya, ƙullu da kaurinsa. Kofin gilashi ne, ki markaɗa attaruhu ki wanke ki yi kunun aya, ba wari. Ta gida ce, ba ta sana'a ba, kuma ƙaramin janareto zai sha wuya da ita. Wat 600, lita 1.5, akwai kofi da roba na canji. Ki taho da jiƙaƙƙen wakenki a gwada a gabanki.”