Abin da na fito da shi daga biron awon filaye

Na bar biron nan na Damagaram a ƙarshen wata, kuma masu shigowa bayana ya kamata su san yadda maganar turken gefen hanyar Mirriya ta kasance.

Idan turken fili ya ɓace, muna da turaku uku da aka san wurinsu, sai mu auna nisa daga kowanne zuwa inda ake nema. A ce A na kan (0, 0), B na kan (63, 0), C na kan (0, 56), nisan kuma metir 25, 52 da 39. Kowane nisa da'ira ne. In ka ɗebe lissafin da'irar B daga ta A, haka ma na C daga ta A, x² da y² su tafi, a bar ka da lissafi miƙaƙƙe:

```
x = (25² − 52² + 63²) / 126 = 15
y = (25² − 39² + 56²) / 112 = 20
```

Ɗebewar nan tana da tarko. Lissafi uku sun koma biyu, kuma biyun nan ba sa ƙin ba da amsa ko da awon ya karkace. Da an karanta 53 a maimakon 52, x zai fito 14,17 ba tare da wata alama ba. Sai ka mayar da shi cikin da'irar A, ka ga nisan ya zo 24,5 alhali 25 ka auna, sannan asirin ya tonu. Ban taɓa sa hannu a takarda ban yi wannan mayarwar ba.

A aikin hanyar Mirriya, shugabanmu ya ce a ɗauki turaku uku da ke jere a bakin titi, don sun fi kusa da mota. Na ce: "Ranka ya daɗe, na ukun bai bar layin sauran ba sai da metir 5." Ya ce makaranta daban, aiki daban. To, 112 ɗin da ake rabawa da shi ya koma 10. Kuskuren santimetir 10 a nisan metir 39 yana canza 39² da kusan 7,8. In an raba da 112, turken ya gusa santimetir 7, in an raba da 10 kuwa, santimetir 78. Haka katangar wani bawan Allah ta shiga filin maƙwabcinsa, kuma da rigima ta kai biro sunana aka kira, na shugaban ko sau ɗaya bai fito ba. Har yau abin na cina, domin na faɗa a gaban kowa.

Ku zaɓi turakun da suka kewaye wurin. A cikin duwatsun Birni, igiyar awo ta miƙe a kwance, kada ta bi gangare. Umarnin baki kuma, ku nemi a rubuta shi.