Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Turmi Guda, Jika Tara

A makon da ya wuce na tsaya inda Inna ta ranta mini jika hamsin daga kuɗin adashinta, na saro atamfa a Babbar Kasuwar Yamai na fara sa hotuna a WhatsApp da zaurukan saye da sayarwa na Facebook. Kayan suna da kyau, hotunan ma ba laifi. Abin da nake rubutawa a samansu shi ne abin da kowa ke rubutawa: "Sabbin kaya sun iso, Hajiyoyi ku garzayo." Masu kallo da yawa, masu tambayar "nawa?" da yawa, amma turame suna jibge a ɗakinmu na Bukoki.

Kawuna ɗan kamasho ne a tashar Wadata. Wata Juma'a ya zo gaida Inna, na miƙa masa wayar don ya ga sana'ata. Ya nisantar da ita daga idonsa, ya karanta a hankali, ya ce, "Ɗiyata, wane kaya ne suka iso? Ni in na tsaya bakin mota ina cewa sabuwar mota ta iso, wa zai shiga? Tawa nake kira, in faɗi kuɗin, in ce saura mutum biyu."

A daren nan na zauna da wata atamfa mai ruwan bula da zanen ganye, wadda ta fi daɗewa a hannuna. Na sake mata take: "Atamfa turmi guda (zane 3), ruwan bula, 9.000 F, Bukoki, saura 2."

Kowace kalma da aikinta. Sunan kaya ne a gaba, don a waya dogon rubutu yankewa yake yi, sai an taɓa kafin sauran ya fito, kuma mai zazzaga hotuna da babban yatsa ba ta da wannan haƙurin. Gaisuwa da addu'a na mayar da su ƙasa. Na faɗi zane uku saboda wasu na sayar da zane ɗaya ɗaya, in mace ta ga kuɗina ba ta san na turmi ba ne sai ta ɗauka na tsawwala. Kuɗin kuwa da lambobi na rubuta shi, na sa F a bayansa. Mu nan da baki dala muke lissafi, dala ɗaya kuma tamma biyar ce, in ka rubuta 1.800 tsirara wata za ta karanta dala ta gane jika tara, wata ta zo da jika biyu tana jiran canji. Unguwa kuma tana gaya wa ta Harobanda tun daga farko cewa sai kayan sun ƙetare gada, akwai kuɗin mai kaiwa.

Sai wani abu da na lura da shi daga baya. Wurin nema na Facebook kalmar da aka buga yake bi. Yamai kuma gari ne na Zabarmawa da Hausawa da 'yan boko, da yawa `pagne`, wato zane da Faransanci, suke bugawa. Na riƙa ƙara ta a ƙarshen take, sai ga saƙonni daga matan da ba mu taɓa haɗa zaure da su ba.

Turame biyun nan kafin Juma'a ta zagayo sun tafi. Amma ba yawan saƙo ne ya nuna mini take ya yi aiki ba, saƙonnin ma raguwa suka yi. Tambayar ce ta canza. Masu cewa "nawa?" su ɓace sun ragu, aka koma "akwai saura?" da "za a kawo mini Yantala?" Kafin Sallah na biya Inna kuɗinta.

Take mai kuɗi a ciki yana da nasa ciwon kai. Tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 kaya suke ta tashi, turmin da na sa jika tara sai na je sari in tarar ya kusa kai haka a hannun dila. Tsohon hoton kuwa yana nan a zaure. Wata Hajiya ta turo mini shi bayan wata biyu, ta ce, "Ƙanwata, ba ke kika rubuta ba?" Na ba ta a haka, riba ta tafi a kuɗin mai babur. Yanzu da zarar turmi ya fita nake komawa in rubuta "an saya" a gaban takensa.

Mako mai zuwa zan ba ku labarin ankon bikin da aka ba ni, turmi arba'in launi ɗaya, da yadda muka kwashe da uwar amarya.