Ɗan akuyan da ba ya iya bakwai

Na yi 'yan shekaru ina aiki a wani shirin talabijin na yara, kwance a ƙarƙashin tebur, hannuna na dama a cikin 'yar tsana mai siffar ɗan akuya, idona a kan ƙaramin allon da ke nuna mini abin da kyamara ke ɗauka. Abu na farko da aka koya mini shi ne buɗe baki: babban yatsa ke sauka ƙasa a kan kowace gaɓar kalma, sauran yatsu huɗun su tsaya cak. In ka ɗaga na sama, kan ya riƙa tsalle, idanun su bar kallon yaro, shi ke nan ka rasa shi.

Ɗan akuyanmu yana da aibi guda da muka gina masa da gangan. In yana waƙar ƙirga, daga shida sai ya faɗa takwas. Kullum haka. Da farko na yi gardama, na ce ai kuskure za mu koya wa yara. Da muka gwada shirin a gaban 'yan shekara huɗu, sai na ja bakina na yi shiru. A kallo na farko sun zuba ido kawai. A na uku, tun yana biyar sun fara zumuɗi, yana tsallakewa suka ɗauki ihu: "Bakwai!" Sai muka bar gurbin daƙiƙa biyu a wurin, babu kiɗa babu magana, domin su cike da bakinsu.

Wannan gwaji ba mu muka ƙirƙiro shi ba. Masu shirin Sesame Street, wani shirin yara na Amurka da aka fara a 1969, sukan ajiye hotuna masu sauyawa kusa da talabijin su ga lokacin da idon yaro zai kauce. Mu ma fuskokin muke kallo.

Inda muka yi tuntuɓe shi ne da muka gaji da waƙar. Mu manya mun ji ta har ta gundure mu, muka sauya mata kari. Yaran suka yi tsit, bakwai ɗin ma ba ta fito ba. Ashe karin ne ke riƙe musu kalmomin: shi ke gaya musu gaɓa nawa ta rage, da inda za a ja numfashi. Muka mayar da tsohon.

Waƙa kuma tana da iyakarta. Yaro na iya rera ɗaya zuwa goma tiryan-tiryan, ka ce ya miƙo maka duwatsu bakwai ya kwaso ko nawa ne. Dole ɗan akuyan ya riƙa taɓa abu ɗaya-ɗaya yana ƙirgawa.

Kwanaki wani saurayi mai gemu ya ji ina magana, ya tsaya yana kallona. Bai tuna sunan shirin ba, bai tuna launin ɗan akuyan ba. Ya dai rera daga ɗaya har shida a kan karin nan, ya yi shiru na daƙiƙa biyu, sannan ya ce bakwai.