Laraba: sharuɗɗa kafin a kunna saukewa ta atomatik

Aikin yau bai wuce karatu da lissafi ba. Allon bayanan da za a buɗe wa jama'a zai riƙa nuna hasashen yanayi na garuruwa 40, kuma daga Open-Meteo, wani shafin intanet mai ba da bayanan yanayi, za a riƙa jawo alƙaluman. Manhajar saukewa ta kammalu, amma ban sa ta a jadawali ba sai da na gama duba sharuɗɗan mai bayanan.

Takardu biyu ne ake karantawa, kuma mutane da yawa ɗaya kawai suke dubawa. Ta farko lasisin bayanan ne, wato abin da aka yarda ka yi da alƙaluman bayan sun zo hannunka. Ta biyu sharuɗɗan amfani da sabar ne, wato wa aka yarda ya jawo, sau nawa, kuma don wane irin aiki. A nan lasisin CC BY 4.0 ne, wanda ya halatta sake wallafawa da sarrafawa, har ma da kasuwanci, muddin an ambaci mai bayanan. Wanda ya tsaya nan zai ɗauka komai ya daidaita. Sai dai takarda ta biyu ta ce hanyar kyauta ta API ɗin, wato ƙofar da manhaja ke bi ta jawo bayanai daga sabarsu, ta ayyukan da ba na kasuwanci ba ce kaɗai, kuma shafin da ke ɗauke da talla ko yake karɓar kuɗin rajista yana cikin na kasuwanci. Allonmu babu ko ɗaya a ciki, don haka mun tsira. Na dai rubuta a takardar aikin cewa duk ranar da aka liƙa talla, ko ɗan ƙarami ne a gefe, dole a koma tsarin biya kafin a saka shi.

Daga nan sai adadin kira, wato sau nawa manhajarmu ke neman bayanai daga sabarsu. Iyakar kyauta ita ce ƙasa da kira 10,000 a rana, 5,000 a awa, 600 a minti. Idan sabarmu za ta nemi sabbin alƙaluma duk lokacin da wani ya buɗe shafin, baƙi 300 kacal sun isa su kai mu kira 12,000, tunda kowanne yana jawo garuruwa 40. Idan kuwa sau ɗaya a awa za a sauke a ajiye, kowa ya karanta daga ajiyarmu, 40 sau 24 ne, wato 960, ko baƙi nawa suka zo. Akwai wani ɗan tarko a lissafin: buƙata ɗaya da ta nemi fiye da nau'in ma'auni 10, ko ta ɗauki fiye da mako biyu, ana ƙirga ta fiye da kira ɗaya. Mu zafi da ruwan sama da iska kawai muke nema na kwana bakwai, saboda haka 960 ɗin ya tsaya.

Jadawalin da na sa shi ne wannan:

```
7 * * * * /opt/allo/sauke.sh
```

Minti na bakwai na kowace awa na zaɓa da gangan, domin kan awa daidai ne yawancin jadawaloli ke tashi tare. A cikin manhajar akwai hutun daƙiƙa ɗaya tsakanin gari da gari, kuma `User-Agent`, shaidar da manhaja ke gabatar da kanta ga sabar, na ɗauke da sunan aikin da adireshin da za a same mu, don mai sabar ya iya yi mana magana kafin ya kai ga toshewa.

Inda abu ya fi lalacewa shi ne lokacin da sabar ta amsa da 429, alamar an yi yawan kira. Manhajar da ba ta duba lambar amsa sai ta ajiye saƙon kuskuren a kan fayil mai kyau, allo ya wayi gari fayau. Wata kuma ta yi ta maimaita kira nan take, ta ƙara dagula lamarin. Tamu tana amfani da `curl --fail`, tana rubutawa a fayil na wucin gadi, sai an tabbatar da lafiyarsa a maye gurbin tsohon. Idan ta gamu da 429 takan haƙura sai awa ta gaba, allon kuma ya ci gaba da nuna tsoffin alƙaluma tare da lokacin da aka sauke su.

Ambaton mai bayanan na sa shi a ƙasan taswirar da ke kan allon, inda ido zai gani, da mahaɗi zuwa shafinsu da na lasisin. Tunda muna haɗa alƙaluman awa-awa mu fitar da matsakaicin rana, na ƙara jimla mai cewa an sarrafa su, domin lasisin ya wajabta bayyana canji.

Da yamma na adana kwafin shafin sharuɗɗan da kwanan watan yau a ma'ajiyar aikin, na sa tunatarwa a sake karanta shi bayan wata uku, sannan na kunna jadawalin.