Kalandar gona da na rubuta, da hekta shidan da ciyawa ta cinye

Wannan satin na ajiye aiki a gonar da na yi damina uku ina kula da ita, kuma abin da ya fi tsaya min a rai har yau shi ne daminar farko. Oga ya ce in tsara masa kalandar aiki ta masara hekta 12, na zauna na rubuta ta tsaf a kwali, ranar kaza shuka, ranar kaza feshin ciyawa, ranar kaza taki, har zuwa girbi, kowane aiki na ba shi rana guda kamar gonar kadada ɗaya ce. Ya duba ya ce ta yi. Wallahi a lokacin ina ganin babu abin da na bari.

Ruwan shuka ya makara da kusan sati biyu, da ya sauka sai hankalin oga ya tashi, ya ce a ɗebo ƴan ƙwadago da yawa a shuke komai cikin kwana biyu. Na ce masa famfon feshi biyu kawai gare mu, ya ce in bar wannan maganar, shuka tukuna. Ni kuma ban ja ba saboda ban yi lissafin da zan nuna masa a takarda ba, kuma nan ne laifina yake, ba zan ɓoye ba.

Ga lissafin da ya kamata in yi tun rani. Famfon goyo lita 16 yake ci, hekta ɗaya tana shan ruwan magani wajen lita 200, kenan cikawa 13 kusan. Ga ɗebo ruwa daga nesa, ga haɗa magani, ga rana in ta take dole a tsaya, to mutum ɗaya in ya yi hekta guda a yini ya yi ƙoƙari. Mutum biyu hekta biyu. Hekta 12 kwana shida kenan, alhali maganin da ake fesawa kafin tsiro so ake ya sauka cikin kwana biyu zuwa uku bayan shuka, ƙasa tana da danshi, don masara in ta samu laima kwana huɗu zuwa biyar ta fara leƙowa. Aikin kwana shida na ba shi layi ɗaya a kwali.

Mun yi kwana uku muna feshi muka gama hekta shida, rana ta huɗu aka wuni ana ruwa, washegari da na shiga gona sai ga masara ta huda ƙasa layi-layi. Atirazin muke haɗawa da farakwat saboda ciyawa ta riga ta tsiro a kan kunya tun bayan huɗa, shi kuwa farakwat duk koren da ya taɓa ƙona shi yake, bai san masara ba bai san ciyawa ba. Dole muka dakata. Atirazin shi kaɗai masara tana jure shi, amma ba zai kashe ciyawa mai siririn ganye da ta riga ta kafu ba, sai ya zama sauran hekta shidan fartanya kawai za ta fitar da mu.

To a nan komai ya cakuɗe. Kwana 10 zuwa 14 bayan shuka lokacin sa takin kamfa ne, kuma duk hekta 12 lokacinsu ya zo tare tunda tare aka shuka su. Noman firi na hekta shida shi ma ya zo a daidai wannan satin, mutanen da suka cika mana gona ranar shuka kowa ya koma tasa gonar yana fama da tasa ciyawar, ka nemi mutum goma ka samu uku. Sai da masarar ta kusa wata ɗaya sannan muka gama firi, kuma duk wanda ya san masara ya san daga sati na biyu zuwa na shida ne ciyawa take yi mata illar da ba ta gyaruwa. Takin da muka zuba rabi ciyawa ta sha. Kana tsaye a kan iyaka za ka ga bambanci da idonka, ɓangaren da ya samu feshi kore shar kara mai kauri, ɗaya ɓangaren rawaya-rawaya sirara, yuriyar da muka sa a sati na biyar ta ɗan farfaɗo da ganye amma goyon ƙanana ya fito. Ranar girbi wannan ɓangaren bai kai kashi biyu cikin uku na ɗan'uwansa ba.

A gaban ma'aikata oga ya ɗauko kwalin ya ce ga kalandarka nan, kai ka rubuta, kai ka kasa bi. Bai ambaci maganar famfo da na yi masa ba, ko sau ɗaya. Na haɗiye, amma har yau in na tuna sai na ji ɗaci.

Damina ta biyu na yar da kwanan wata gaba ɗaya. Na raba gonar gida huɗu, kowanne hekta uku, na ja layi: kwana 0 shuka, kwana 1 zuwa 2 feshi, 10 zuwa 14 kamfa, 28 zuwa 35 maimai da yuriya, sai ranar da iri ya shiga ƙasa a wannan gidan sannan in cike kwanan watan da fensir. Kusa da kowane aiki na rubuta mutum nawa, kwana nawa. Muna shuka hekta uku, mu feshe su cikin yini ɗaya da rabi, sannan mu matsa gaba. Wanda aka yi wa gyaran shuka saboda tsiro bai yi kyau ba lissafinsa daban yake komawa. Amma rarraba shukar ma tana da iyaka, mu cikin kwana takwas muka gama, don in ka ja ta da yawa ta ƙarshen ita tsutsa ke taruwa a kai, kuma irin da ke cin kwana 110 zuwa 120 sai ka ƙirgo baya daga lokacin da ruwa ya saba ɗaukewa ka ga ko zai kai.

Feshin tsutsa kuwa ban ƙara sa masa rana ba, ranar dubawa nake sawa. Daga sati na biyu, sau biyu a sati, in ratsa gona in leƙa cikin zuciyar masarar, in na ga ganye an kankare shi ya yi fari-fari kamar leda to tsutsar ƙarama ce magani zai ci ta, in kuwa na ga kashinta ya taru kamar garin katako ta girma ta shige ciki an makara. Feshin da sassafe ko yamma, bakin famfo a saita cikin zuciyar.

Sauran ƙanana ne. A bar kwana ɗaya fanko kowane sati saboda ruwa. Kar a watsa yuriya a busasshiyar ƙasa a bar ta a fili, a binne ta. Girbi a ɓare ƙwaya a duba gindinta, in baƙin ɗigo ya fito ta nuna, kuma wurin shanya da buhuna su shiga kalanda sati biyu kafin nan.

Wannan shekarar da ta bayanta ba mu rasa ko kunya ɗaya ga ciyawa ba. Da baƙi suka zo ganin gona na ji oga yana nuna musu takardar yana cewa tsarin da ya kawo ne, ina tsaye a gefe ban ce komai ba. Takardar tana nan manne a bangon sito, na nuna wa yaron da zai karɓe ni yadda ake cike ta, na kuma ce masa ya ƙirga famfunan kafin ruwa ya sauka don ɗaya yana yoyo ta wajen hannu.