Laraba: daren Asabar ɗin Daura

Har yanzu ban runtsa ba. Na sauko daga dutin dare a ɗakin yara na asibiti ƙarfe 8, na iso gida 10 saura, ga shi an kusa kiran azahar ina ta juyi a kan gado. Abba yana makaranta, gidan tsit, Nepa ma sun yi abin kirki sun bar mana wuta. Magana ɗaya ce ta Anti Hadiza, babbar abokiyar aikina, ta hana ni barci.

Kun san dai Asabar ɗin nan ake kai Ummi Daura. Tun da aka sa rana nake roƙon Allah kada rosta, wato jadawalin dutinmu, ta faɗo mani a kan dare, sai ga shi ta faɗo daidai: dare 7 a jere, daga Litinin zuwa Lahadi, Asabar ita ce ta 6. A wajenmu safe daga 8 ne zuwa 2, rana daga 2 zuwa 9, dare kuma daga 9 har 8 na safe. Amarya ba za ta bar Katsina ba sai bayan la'asar, ga kusan kilomita 80, ga kai gaisuwa wurin dangin miji, ga zaman ɗaki. Baban Abba ya ce ko da wasa ba zan biyo hanya da dare ba. Inna kuwa ta ce idan babbar yaya ba ta raka ƙanwarta ba, to wa zai raka ta? Ba ni da amsa.

Jiya da tsakar dare, bayan mun gama allurar ƙarfe 2, na ciro rostar daga bango na zauna da ita da biro kamar mai duba. Wanda bai taɓa yi ba gani yake canjin duti abu ne mai sauƙi, ka karɓa mani yau in karɓa maka gobe. Ina! Dare ɗaya kwana biyu yake ci a rostar wadda za ta karɓa. Ba za ta yi safen Asabar ta dawo ƙarfe 9 ba, kuma ba za ta sauko ƙarfe 8 na Lahadi ta zarce da safe ba. Ke nan duk wadda ke da safe a ɗayan ranakun nan ta fita daga lissafi, don ni ba zan iya cike mata gurbin ba: Asabar da safe lokacin nake saukowa, Lahadi da safe ina Daura. Haka na soke Binta da Rukayya.

Saura Zainab da Anti Hadiza. Zainab da na yi mata magana da gudu za ta karɓa, yarinyar ba ta iya cewa a'a ba. Amma abokiyar darena Maryam ce, wadda wata 5 ke nan da fara aiki, Zainab kuma ko shekara ba ta cika ba. Ba a haɗa sababbi biyu su kwana da ɗakin yara, balle a Satumba. Dole a samu babba wadda za ta riƙe makullin akwatin magungunan da ake ƙirgawa, wadda in jijiyar yaro ta ɓace ƙarfe 3 na dare za ta iya sa kanula, wato robar da ake sa wa a jijiya, ba sai an taso likita ba. Daren jiya kaɗai yara 4 muka karɓa da zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, biyu suna jijjiga. Kowane da lokacin allurarsa ta atesunet, ta farko, sai bayan awa 12, sai a awa ta 24, kuma ba lokaci ɗaya suka zo ba. Ga na gado na 9 da aka sa wa jini, wanda sai an tsaya a kansa mintuna 15 na farko, a kuma tabbata ledar ta ƙare kafin awa 4. Wannan ba daren da za a bar wa Zainab da Maryam ba ne, ko da Hajiya in-caji za ta yarda, kuma ba za ta yarda ba.

To sai Anti Hadiza. Asabar da Lahadin nan hutu take, kuma shi ne kawai ƙarshen makon da ta samu cikakke a watan. Ranar Litinin ita za ta karɓe ni, ta fara nata daren 7. Na san abin da nake shirin roƙo ba ƙarami ba ne.

Shi ya sa na shirya tayina tun kafin gari ya waye. Na taɓa ganin yadda ake cutar mutum da sunan musaya: a karɓar maka safe mai awa 6 a ce an biya dare mai awa 11. Safen ma likitoci na nan, ɗalibai na nan, masu shara na nan, da dare kuwa daga ku biyu sai Allah. Na ce ni ba zan yi haka ba. Dare da dare zan biya, ta zaɓi wanda take so a cikin nata 7, tunda makon gobe hutun darena ne. Sannan saboda hutun ƙarshen makonta da zan ɓata, zan karɓar mata dutin Lahadi guda a wata mai zuwa. Kuma Sani zai je da kekensa ya ɗauko ta daga Ƙofar Ƙaura ya kuma maida ta da safe, ni zan biya. Har na rubuta a bayan wata tsohuwar takarda don kada in manta. Ina jin daɗin kaina sosai a lokacin, ba zan ɓoye maku ba.

Na bari sai da ni da Anti Hadiza muka gama handoba, wato miƙa aiki, gado bayan gado, muka ƙirga magani ta sa hannu na miƙa mata makulli. Ba na yi wa mutum irin wannan magana a gaban jama'a, don kunya kan sa a ce to alhali zuciya ba ta so. Na bi ta ɗakin canza kaya.

“Anti, wata alfarma nake nema, amma don Allah in ba hali ki ce mani babu, ba zan ji komai ba.”

“Asabar ce ko? Ai tun da na ga rosta na san za ki zo.”

Na yi dariya, na zaro takardata na karanto mata kamar mai karanta lefe. Tana ɗaura hula tana saurare, ba ta katse ni ba. Da na gama sai ta miƙo hannu ta karɓi takardar, ta duba gaba da baya, ta ce:

“Har da rubutu? Maman Abba, yaushe muka fara lissafi ni da ke?”

Da murmushi ta faɗa. Amma ban san wane irin murmushi ba ne, kuma abin da ya hana ni barci ke nan.

Na fara kame-kame, ai Anti ba haka ba ne, ai gudun shiga hakki ne. Ta ce ta ji. Daren ta karɓa. A cikin nata kuma Litinin take so, ba tsakiyar mako ba kamar yadda na zata. Da ta yi bayani na ga ta fi ni iya lissafin da take cewa ba ma yi: in ta sauko Lahadi da safe, za ta samu daren Lahadi da na Litinin a gida, ta fara Talata ta yi 6 a jere. Ni kuma in na dawo daga Daura in yi Lahadi in zarce da Litinin, jikina bai riga ya koma barcin dare ba, sai hutuna ya tafi a haɗe babu tsinkewa. Kowa dare 7 ya yi, ba wadda ta ɗara. Da Laraba na biya kamar yadda na so, da na raba hutuna gida biyu a banza. Keken Sani ta ce tana so, don samun abin hawa ƙarfe 8 da rabi na dare in hadari ya haɗo wahala ne. Lahadin wata mai zuwa kuwa ta ce in riƙe abata.

Na nace, ta ce: “Ke, in kin ƙara magana na fasa.”

Muka je wurin Hajiya in-caji tare. Ita dai tambayarta biyu ce kullum, wa zai riƙe makulli, kuma akwai wadda za ta sauko dare ta shiga safe? Da ta ga babu, ta sa muka rubuta a littafin canjin duti, ranar da ranar, muka sa hannu mu biyu ta sa nata, sannan ta gyara rostar bango da jan biro. Wannan kam ko uwa ɗaya uba ɗaya muke ba zan tsallake ba. Kun tuna bara da aka yi musaya ta waya, ɗaya ta ɗauka Alhamis ake nufi ɗaya ta ɗauka Juma'a, mai rana ta zauna har 11 na dare ba wadda ta zo karɓarta. Sunan da ke kan rosta shi aka ba takardar tuhuma, ba wadda ta ce “na karɓa” a waya ba.

A keke ina dawowa, muna wuce Ƙofar Soro, sai na tuna lokacin da Abba ya yi ƙyanda. Dare 2 Anti Hadiza ta yi mani, ba takarda ba tayi, in ban da littafin Hajiya. Na biya ɗaya. Na biyun na ce sai wata mai zuwa, sai aka mayar da ni ɗakin haihuwa na wata 4, da na dawo maganar ta bi ruwa. Wallahi sai yau na tuna. Shin shi take nufi? Wato ke da ake bin ki dare guda cur tun shekara 2, yau kin zo da takarda kina nuna adalci? Ko kuwa ita ta manta da shi tuntuni, abin da ya sosa mata rai shi ne na zo mata kamar baƙuwa? Na juya maganar ta kowane gefe, kowane gefe yana zama daidai.

Kuma duk da haka ban ga laifin takardar ba. Na ga waɗanda ake yi wa “ai mu 'yan'uwa ne” har su wayi gari su ne masu kwanan asibiti duk daren Sallah. Zainab na kan wannan hanyar, ina kallo.

Tela ya ce ankon sai Juma'a. Ummi ta kira sau 3 kan maganar lalle. Ban ci komai ba sai kunun da Maryam ta raba mana da asuba.

Baban Abba ya shigo cin abinci na ba shi labari, ya ce in kawo mata fura daga Daura a wuce wurin. Maza ke nan. Ni dai na ɗauko waya na rubuta mata, “Anti, na tuna daren ƙyandar Abba, har yanzu kina bi na ɗaya,” na goge, na sake rubutawa, na tura. Alamar ta nuna ta karanta tun 12 da kwata. Wataƙila suna zagayen likita ne. Bari in sa ƙararrawa ƙarfe 6 in gwada rufe ido, na gado na 9 na jira na.