Amsar da Na Ba Waɗanda Suka Ƙi Ɗauka ta Aiki, Sau Biyu

A ƙarshen wannan watan zan miƙa makullan ofishin kuɗi na ƙungiyar da na yi wa aiki shekara shida a Kaduna, kuma da nake tattara takarduna sai na ci karo da wani gajeren saƙo da na buga na ajiye tun kafin in fara aiki a wurin. Wannan saƙon shi ne ya yi mini hanyar zama a kan kujerar da zan bari. Amma kafin shi akwai wani saƙon da na aika wa wasu mutanen daban, wanda har yau idan na tuna shi sai in ji ƙirjina ya yi nauyi.

Na gama hidimar ƙasa a daidai lokacin da tattalin arzikin Najeriya bai gama farfaɗowa daga karayar 2016 ba, masana'antun Kano suna rage ma'aikata saboda tsadar dala, gurbin akanta guda ɗaya kuma sai ka tarar da ɗaruruwan mutane a kansa. Wani kamfani a Bompai ya yi tallar neman ƙaramin akanta. Na ci jarrabawar rubutu, na wuce intabiyun farko, aka kira mu uku kacal zuwa na ƙarshe. Shugaban sashen kuɗi ya riƙe ni kusan minti arba'in, har ya tambaye ni yaushe zan iya fara zuwa. Na koma gida na gaya wa mahaifiyata cewa magana ta kusa ƙarewa.

Bayan kwana tara, ina cikin a-daidaita-sahu a kan titin Murtala Muhammad, imel ya shigo wayata daga jami'ar kula da ma'aikata: sun gode, sun zaɓi wani, za su ajiye takarduna. Kafin in sauka na riga na rubuta amsa na aika. Na ce musu tun farko sun san wanda za su ɗauka, sun tara mu ne kawai don a ce an bi ƙa'ida, sun ɓata mana lokaci da kuɗin mota, kuma Allah zai saka wa duk wanda aka zalunta. Na kuma danna Reply all, saƙon ya tafi ga jami'ar da shugaban sashen kuɗi da wani manajan da ban taɓa gani ba.

Ba wanda ya amsa. Wata takwas bayan haka kamfanin ya sake neman akanta, na sake aikawa, ko jarrabawa ba a kira ni ba. Wani abokin karatuna da ke aiki a sitonsu ne ya warware mini abin da ya faru. Ya ce, "Wallahi abokina, kai ne na biyu a jerin farko, kuma da gurbin nan ya fito shugaban sashen kuɗi da kansa ya ce a nemo ka. Hajiya jami'ar ma'aikata ta buɗe fayil ɗinka, sai ga saƙonka a saman takardun." Ya ce mutumin ya karanta, ya yi shiru, sannan ya ce wanda zai riƙe littafin kuɗi yana buƙatar ya iya riƙe bakinsa na sa'a guda.

Har yanzu ina ganin ba a yi adalci a zaɓen farko ba, domin daga baya na tabbatar wanda aka ɗauka ɗan uwan wani babba ne a wurin. Ban janye wannan ra'ayin ba. Abin da ban sani ba a lokacin shi ne jami'ar da ta sa hannu a kan takardar ba ita ta yanke hukuncin ba, shugaban sashen kuɗi kuwa mai yiwuwa a gefena yake, aka fi ƙarfinsa. Na zagi mutanen da suke da niyyar dawowa kaina, wanda ya yi aika-aikar kuwa ko sunana bai sani ba. Magana zarar bunu ce, ta imel kuma ta fi muni, domin ba ta tsufa a cikin fayil.

Bayan shekara guda na kai matakin ƙarshe a wannan ƙungiyar ta Kaduna, aka sake aiko mini da irin waccan takardar. Wannan karon na kashe wayar, na yi sallar la'asar, na bar maganar ta kwana. Washegari da safe na zauna a gaban kwamfuta na rubuta amsa da Turanci, na kai wa kawuna wanda ya yi ritaya daga banki ya duba. Ya soke sakin layi biyu gaba ɗaya, ya ce, "Ɗana, wannan kuka ne, wannan kuma jayayya ce. Bar abin da za su iya karantawa a tsaye." Ga ma'anar abin da ya rage:

"Hajiya, na gode da sanar da ni sakamakon, da kuma lokacin da ke da sauran 'yan kwamiti kuka ba ni ranar Talata. Ba zan ɓoye ba, na so a ce ni aka zaɓa, amma na karɓi hukuncin, ina kuma yi wa wanda aka ɗauka fatan alheri. Bayanin da shugaban sashen kuɗi ya yi kan yadda kuke bin sawun kuɗin da ake ba ma'aikata kafin su fita ƙauyuka ya ƙara mini sha'awar aikinku. Idan wani gurbi ya buɗe a sashen kuɗi ko na sayen kaya, zan yi farin ciki a tuna da ni, kuma na amince ku ci gaba da ajiye takarduna. Idan babu damuwa, zan so in san abu ɗaya da ya kamata in ƙara ƙwarewa a kansa."

Jimla biyar ne, kowace da aikinta, amma ta biyu da ta uku su ne suka fi ba ni wahala. A rubutun farko na yi kamar abin bai dame ni ba, kawuna ya ce wannan ƙarya ce da kowa zai gane, domin ba a zuwa intabiyu uku saboda aikin da ba a damu da shi ba. Faɗin cewa na so aikin, a cikin rabin jimla, sannan in bi shi nan take da karɓar hukuncin, shi ne ya raba saƙon da roƙo. Da zarar mutum ya tsawaita wannan wurin, ya fara lissafo kuɗin haya da rashin lafiyar iyaye, mai karantawa zai ji an ɗora masa laifi, kuma mutane suna guje wa wanda ya sa su jin kunya ko da suna tausaya masa.

Jimla ta uku ita ce shaidar cewa ni na rubuta saƙon, domin wurin nan nake nufi da shi. A intabiyun an tambaye ni me zan yi idan ma'aikaci ya karɓi kuɗin tafiya, ya dawo, wata ya wuce bai kawo rasiɗai ba, ga kuma wata tafiyar ta taso. Na yi ta kame-kame. Shugaban sashen ya bayyana mini cewa a wurinsu ba a ba mutum sabon kuɗi sai ya sauke na baya, kuma ana ware basussukan bisa daɗewarsu, na kwana talatin daban, na kwana sittin daban. Ambaton wannan a cikin saƙon ya nuna na saurara, ya kuma nuna na san inda na yi rauni ba tare da na zauna ina ba da uzuri ba.

Tambayar ƙarshe na taƙaita ta ga abu ɗaya da gangan. Wanda ya ce a gaya masa dalilin da ya sa ba a ɗauke shi ba yana neman a kare hukunci ne, kuma jami'an ma'aikata ba sa son rubuta abin da za a iya juya musu daga baya. Hajiya ta amsa bayan kwana huɗu da layi biyu: kwamiti ya yaba da ni, amma wanda aka zaɓa ya fi ni sanin yadda ake haɗa rahoton kuɗi ga masu ba da tallafi. Na gode mata da layi ɗaya, ban ce uffan ba kan ko na yarda.

Bayan wata huɗu na ci wani mataki na jarrabawar ICAN, ƙungiyar ƙwararrun akantoci ta Najeriya, na aika mata da gajeren saƙo tare da sabuwar takardar tarihin karatuna da aikina. Iyakar bibiyar da na yi ke nan. Wata uku bayan haka ta kira ni da kanta. Wanda aka ɗauka ya sami aiki a Abuja ya tafi, masu binciken kuɗi suna tafe, babu lokacin sake talla da tantance ɗaruruwan takardu. Na sake zama a gaban kwamiti na minti ashirin, tambayar farko kuma ita ce ta kuɗin tafiyar nan.

Sai da na fara zama a kwamitin ɗaukar ma'aikata na ga abin daga ɗaya gefen. Muna ba kowa maki, mu jera sunaye, kuma na biyu da na uku ba a yar da su, domin na farko yakan ƙi albashin, ko ya kasa cin lokacin gwaji, ko ya tafi kafin shekara. A cikin waɗanda muka aika wa takardar haƙuri, kaɗan ne suke amsawa, saboda haka wanda ya amsa da hankali sunansa yana zama a ka. Na kuma ga yadda ake ɓata abin: wanda ya kwafo saƙo ya manta sunan wata ma'aikatar a ciki, da wanda ya samo lambar ɗan kwamiti yana turo gaisuwa ta WhatsApp kowace Juma'a, da wanda ya turo wani babban mutum ya yi mana magana bayan an gama. Wannan na ƙarshen yana rufe ƙofa fiye da zagi.

Ba kowace takardar haƙuri ce ke buƙatar amsa ba. Idan ta fito daga adireshin da ya fara da noreply, kuma ko intabiyu ba a yi da kai ba, babu mutum a bayanta. Idan kuwa mutum ne ya aiko ta, a amsa cikin kwana ɗaya zuwa biyu, ga wanda ya sa hannu kaɗai, ƙarƙashin kan saƙon da aka aiko. Jimlar amincewa da ajiye takardu kuma ta ƙara amfani tun da aka kafa dokar kare bayanan jama'a ta 2023, domin wasu ma'aikatun ba sa son riƙe bayanan mai neman aiki na tsawon lokaci ba da yardarsa ba.

Gurbin da zan bari ba a yi tallarsa a waje ba. Bara mun yi intabiyu da wata matashiya daga Zariya, ta zo ta biyu, ta aiko da amsa mai layi shida inda ta ambaci tambayar da na yi mata kan daidaita lissafin banki. Na sa aka buga saƙon aka haɗa da takardar makinta. Da shugabanmu ya tambaye ni wa nake gani zai iya riƙe ofishin, fayil ɗinta na ɗauko, kuma ranar Litinin za ta zo mu fara miƙa aiki.